Ciwon Bayan Malam Isiyaku

Malam Isiyaku direba ya daɗe a Doha, kuma duk Hausawan unguwar Al Wukair sun san shi da kunya. Ko fitsari zai yi, cewa yake zai kama ruwa.

Da ciwo ya kama shi, sai ya tafi asibiti da surukinsa Siddiq, ɗalibin da ke auren 'yarsa, don ya yi masa tafinta. Ciwon murɗa ne, yana tasowa daga kwiɓi ya gangaro mara, ga raɗaɗi da jini in yana fitsari. Amma wa zai faɗi haka a gaban suruki?

Likita ta tambaya, suka ne, zugi ne, ko murɗa? Kuma a ina?

"Ka ce mata baya ne, sama-sama."

"Baba, ta ce fitsari fa?" in ji Siddiq, idonsa a ƙasa.

"Alhamdu lillahi."

Siddiq ya fassara da cewa lafiya lau. Aka ba su man shafawa da maganin ciwon jiki.

Da abin ya dawo, a ɗakin gaggawa Malam ya dunƙule yana zufa.

"Siddiq, ka gaya musu! Daga kwiɓi har 'ya'yan maraina, murɗa yake, jini nake fitsara! Yalla, maza, don ubanka, kada ka rage komai!"

Siddiq ya kalli silin ya fassara duka. Hoto ya nuna tsakuwar ƙoda ta toshe hanyar fitsari, aka cire ta.

Yanzu Malam ya warke, ya koma tuƙi. In dai zuwa asibiti ne kuwa, ya canza tafinta.