Wayar da ta kwana cikin kwalla

A shekarun da na yi ina saye da sayar da wayoyin hannu a bakin kasuwar Anka, na sha masifa da mutane. Kowa ya zo da wayarsa, kuɗin da ya saye ta yake faɗa mini, kamar ni na aike shi. Ni kuwa abin da nake dubawa daban ne: lafiyar gilashi, ƙarfin batir, shekarun wayar, ko an taɓa buɗe ta, sannan nawa mai saye zai iya cirowa daga aljihu a yau. Bakina ba ya da daɗi wajen ciniki, na sani. Amma akwai wata tsohuwa da ta sa na rasa abin faɗa.

Daga wajen Bagega ta zo, wata ranar kasuwa, da ƙulli a gefen zane. Bayan mun gaisa ta ba ni labari. Ɗanta mai haƙar zinariya ne. Shekarar da ya yi sa'a ya sayi babbar waya, ya ce mata wannan ajiya ce, in rana ta ɓaci a sayar. Ba a jima ba rami ya rufta da shi. Ya bar matarsa da 'yar ƙaramar yarinya a hannun tsohuwar. Tsohuwar ta kashe wayar, ta naɗe ta a tsumma, ta sa cikin kwalla ta rufe, yadda ake adana 'yan kunnen zinariya. Shekara uku ba wanda ya taɓa ta.

Yanzu rana ta ɓaci. Gona ba ta zuwuwa saboda tsoron daji, iyayen surukar kuma sun aiko daga Gummi cewa ta tattaro 'yarta ta dawo gida, tunda ba abin ci. Dabarar tsohuwar ita ce ta sayar da wayar ta saya wa surukar injin markaɗe, ko ta samu abin riƙe kanta ta zauna. Jikar nan ita kaɗai ta rage mata. Ta ma ji ana cewa wayoyi sun yi tsada, har tana murna da ta yi haƙuri.

Tun kafin ta gama kwance tsumman gabana ya faɗi. Batirin ya kumbura kamar fanke, ya tura gilashin sama har ya tsage daga gefe. Batir ba ya son a bar shi shekaru babu caji, ga zafin ɗaki. Na kai wa maƙwabcina mai gyara, ya jona mata wani batirin gwaji. Ta kawo wuta, amma rabin fuskar baƙi ƙirin, kamar an zuba tawada. Gilashin irin wannan waya kuwa kuɗinsa ya kusa kuɗin wayar kanta. Ko da an gyara, samfurinta ya tsufa. Samarinmu waya mai riƙe caji suke nema, domin wuta ba ta zama, kuma da sun ga an buɗe waya sai su zabge farashi. Gaskiya ne sababbi sun yi tsada, amma tsadar ba ta biyo ta kan wannan ba.

Na faɗa mata abin da zan iya bayarwa, har da ɗan ƙari daga aljihuna. Ko kwatan kuɗin injin bai kai ba. Na ce ta zagaya sauran rumfuna ta gwada. Ta je, ta dawo jiki a sanyaye, domin duk ƙasa da nawa suka taya.

Ta zauna a bencina, sannan ta ce, "Ɗana, gaya min gaskiya. Da na kawo ta shekarad da yar rasu, ta ishe sayen injin?"

A raina na san da ta isa, har da canji. Ni da ban taɓa jin nauyin faɗa wa mutum farashi ba, sai na kama goge gilashin teburina. Ta dube ni ta gane.

"Ashe ni nak kashe ta da ajiya," in ji ta. "Ni cewa nike tattali nika yi."

Na ce ba laifinta ba ne, ba wanda ya gaya mata. Ta karɓi kuɗin ba ta ƙirga ba, ta ninke tsumman ta tafi da shi. Na ji baƙin ciki ranar, har na kasa cin abinci.

Mako na zagayowa na hange ta a tasha, kusa da motar Gummi. Surukar tana ciki, yarinyar a cinyarta, sanye da sababbin takalman roba. Tsohuwar ta riƙe ƙafar yarinyar ta taga, tana latsa bakin takalmin tana cewa ta sayo da ɗan girma ne, don ya kai ta baɗi, tunda ba ta san ran da za ta sake auna ƙafar ba.