Muryar da ke cikin wayar Rahina

Rahina mutumiyar Tawa ce, amma a unguwar Gamkalle ta Yamai ta tsufa. Aure ya kawo ta Yamai tana yarinya, mijin ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyu, Mu'azu da ƙanwarsa Nafissa. Da kopto ta raine su, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da take sayarwa a ƙofar gida. Kullum da safe takan gangara lambun bakin kogi, wajen Malam Mahamadou, ta sayo ganye. Ba ta taɓa shiga lekol, wato makarantar boko, ba. Zabarmanci ta iya shi kamar ƴar gari, amma Faransanci sai gaisuwa.

Mu'azu ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, Maigari take ce masa. Da ya girma sai ya tafi arewa haƙar zinariya. Kafin ya tafi ya saya mata waya, ya koya mata zanen da za ta yi da yatsa ta buɗe, ya nuna mata koren hoton WhatsApp da inda za ta danna ta yi bokal, saƙon murya. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma ya ishe ta.

Yakan aiko mata da bokal daga can. Wani ya ce sanyi ya fasa masa leɓe, wani ya yi mata tsiya cewa kopton wata Buzuwa ya fi nata daɗi. Akwai wanda ba magana a cikinsa, dariya ce kawai da ƙarar iska. Daga baya aka daina jin sa. Sai wani abokin aikinsa ya kira ya ce rami ya rufta da su, an kuma binne shi a can. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, ko rigarsa ba a kawo mata ba.

Tun daga nan wayar ta koma cikin lalitarta. In ciniki ya lafa sai ta kara ta a kunne, ta saurara, ta amsa masa a hankali.

Wata rana wani rubutu ya fito a fuskar wayar da kansa. Ta tsorata, ta kashe, ta mayar lalita. Bayan kwana kaɗan ya sake fitowa. Da Nafissa ta zo daga gidan mijinta a Kirkisoy, ƙetaren kogi, sai ta nuna mata.

"Inna, ba wani abu ba ne," in ji Nafissa. "Mise à jour ce. Sabunta waya ne, ba ya taɓa hoto, ba ya taɓa bokal. Amma batirinki ya yi ƙasa, ba za ta yarda ba yanzu. Ki sa ta a sharji, in ta sake fitowa ki danna nan."

"Ba za ta cinye mini Maigari ba?"

"Wallahi ba za ta taɓa shi ba, Inna."

Gaskiya Nafissa ta faɗa. Sai dai sunan Faransancin ya ɓace wa Rahina tun kafin ƴarta ta haye gada. Abin da ya zauna mata kalma ɗaya ce: sabuntawa.

Washegari wayar ta cika, amma rubutun bai fito ba. Ga ta kuma da nauyi, sai an jira kafin bokal ya buɗe. Rahina ta shiga zullumin kada ƙin dannawar da ta yi ne zai kashe ta. Da ta je lambu sai ta miƙa wa Malam Mahamadou, tunda shi ya ɗan taɓa lekol yana yaro, yana iya haɗa baƙaƙe.

"Malam, Nafissa ta ce a sabunta ta. Ko ka san inda ake shiga?"

Ya goge hannu a wando, ya zauna kan bakin rijiya. Ya shiga Paramètres, ya gangara har Système. A nan akwai layin da ake nema, Mise à jour du système, amma kalmomin ba su ce masa komi ba, mise da ya sani ta masu caca ce. Ƙasa da shi kaɗan ya ga wata doguwar kalma, réinitialisation. Ya shiga, ya tarar da configuration d'usine, fuskarsa ta washe.

"Ga shi, Maman Nafissa. Usine, wato inda ake ƙera su. Za ta dawo sabuwa fil, kamar ranar da ta fito."

"To ai shi ne. Sabuwa ta ce."

Wayar ta kawo dogon bayani da ƙananan baƙaƙe, rana kuma na haska gilashin. Ya wuce. Ta nemi zanen buɗewa, Rahina ta zana da yatsanta, ta mayar masa, ta koma ɗaure zogale. A shafin ƙarshe ya ga Tout effacer. Ya san effacer, ya sha goge allo a aji. Ya ɗan dakata, sai ya tuna wayarsa ma takan ce a share tarkace don ta yi sauri. Ya danna.

Wayar ta mutu, ta taso, ta ɗauki lokaci. Da ta gama sai ga farin shafi da gaisuwa, tana tambayar wane harshe ake so. Hoton Mu'azu da ke fuskar wayar babu shi.

"Ina koren?" in ji Rahina.

Malam Mahamadou ya danna nan, ya danna can. Bai ga koren ko'ina ba.

Ranar ba a sayar da kopto ba. Nafissa ta zo a guje, ta kai uwarta kasuwa wajen wani mai gyaran waya, Nassirou. Ya tambaya ko akwai katin ajiya a ciki. Babu. Ya tambayi adireshin Google da Mu'azu ya buɗe mata. Nafissa ta samo shi, aka dawo da shi ta lambar layin, aka sake sa WhatsApp. Bai tarar da wani kwafi ba, ba a taɓa kunna ajiyar ba.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Nassirou. "Sabuntawa gyaran ɗaki ne da kayanki a ciki. Wannan kuwa kwashe kayan ne gaba ɗaya. Shi ya sa take jera miki abin da zai tafi, ta ce effacer. Wayoyin yanzu a kulle suke ajiye komi, in an yi wannan sai mabuɗin ya tafi. Ko wa ya ce zai dawo miki da su, wahalar da ke zai yi."

"Wajen Maigari fa? Ai shi ya aiko."

Nafissa ta sunkuyar da kai. Wayar Mu'azu tana cikin ramin tare da shi.

Ta duba tata wayar, ta sami hotunansa kaɗan da bokal guda, yana ce mata ta gaida mijinta. Ta tura wa uwar. Rahina ta saurara sau ɗaya, ta ce, "Ba da ni yake ba."

Malam Mahamadou ya zo da yamma ya durƙusa a ƙofar gida yana neman gafara. Ta ce masa ya tashi, ita ta miƙa masa, ita ta zana. Ta yafe masa har zuci. Amma daga ranar wani lambu take zuwa, can gaba, duk da ƙafa na damunta.

Tana nan tana kopto. Ta rame, ta rage hira da maƙwabta. Da farko takan maimaita maganganun Mu'azu da ka, tana kwaikwayon yadda yake jan sunanta. Kwanan baya ta ce wa Nafissa kalmomin suna nan, amma in ta tuno su yanzu da muryarta take jin su, ba da tasa ba. Nafissa ta jawo turmi ta kama dakan ƙuli-ƙuli.