Malama Barakatu da Jadawalin Nu'uman

Duk wanda ya yi sakandare a makarantarmu ta Sabon Gari a Wudil, in ka ce masa Malama Barakatu, sai ya yi dariya ya ce, "Sa it ka gani." Maganarta ce. Ni lissafi nake koyarwa, teburina na kusa da nata a ofishin malamai, na ji ta har na haddace.

'Yar Lajawa ce, 'yar manomi, gajera mai saurin tafiya. Ta yi karatun malanta bayan ta yi aure da 'ya'ya uku, ta dawo ta kama Turancin ajin ƙarshe. Ba ta duka, amma gara bulala da kallonta. Abin da ta fi shahara a kai shi ne fi'ilan nan na Turanci masu jan ƙaramar kalma a baya, irin su give up da look after, waɗanda suke kayar da yaranmu a jarrabawa kowace shekara.

Koyarwarta tana da jinkiri, wannan ban musa ba. Kullum fi'ili ɗaya, kuma a cikin cikakkiyar jimla. Takan ce, "Give bayarwa ce, up sama ne. To wanda ya yi give up me ya miƙa sama? Ba komai, haƙura ya yi ya daina. Ku da kuke cewa mutum ya ci gaba, da wane cokali ya ci?" Yara su yi ta dariya, amma ya zauna. Ta nuna musu cewa kalmomin biyu sun daɗe da haɗewa sun zama abu guda mai ma'anarsa, don haka tare ake koyonsu.

Sannan ta raba musu su gida biyu. A wasu, ƙaramar kalmar tana iya matsawa: turn down the offer ko turn the offer down, duka daidai, wato ƙin karɓar tayi. In wakilin suna ne kuwa, dole ya shiga tsakiya, turn it down. A wasu kuma ƙaramar kalmar tana manne da abin da ke binta: look after the baby, look after her, ba a taɓa cewa look her after. Da wannan take gwada kowane sabon fi'ili, ta nan aka samo "sa it ka gani".

Nu'uman ɗalibinta ne na farko-farko. Sau biyu yana faɗuwa Turanci. Ita ta riƙa zaunar da shi a zauren gidanta bayan la'asar har ya ci, ya shiga jami'a. Da ya dawo, ita ta kai shi gaban mai makarantar, Alhaji Garzali, ta ce a ɗauke shi. Ko da ya zama firinsifal, "ɗana" take ce masa a gaban kowa, shi kuma yana ce mata Mama.

Bara ya je wata bita a Kano ya dawo da jadawali mai launi. An rubuta up sama, down ƙasa, off cirewa, after baya. Wai yaro ya fassara fi'ilin, ya fassara ƙaramar kalmar, ya haɗa, shi ke nan. Ya buga hoton jadawalin a tallan makaranta, ya yi wa Alhaji alkawarin darasin da Malama take ja duk zango zai ƙare a mako guda. Ta duba ta ce, "Ɗana, a sit down da stand up zai yi. Kai shi wajen take after mu gani." Ya yi murmushi ya ce za a duba.

Sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Lajawa, ta ɗauki hutu ta tafi jinya. Tana juya baya ya manna jadawalin a bango, ya karɓi ajin da kansa. Yara sun so abin, wa zai ƙi sauƙi?

Jarrabawar gwaji ta zo. Ni na yi gadin ɗakin, na ga ɓarnar da idona. An ce he takes after his father, wato ya yi kama da ubansa, suka zaɓi yana bin bayansa. An ce taro was put off, an ɗage shi, suka zaɓi an cire. Wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta look her after a insha'i, domin an ce musu ƙaramar kalma ko'ina tana zama. Ajin ya zube, iyaye suka tayar da ƙura, aka sa taro.

Ana gobe taron, Malama ta dawo. Ina zaune sai Nu'uman ya shigo ofishin malamai, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki. Ya ce, "Mama, laifina ne. Ke kika koya mini, na san gaskiya. Gobe da bakina zan faɗa wa iyaye." Ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kowa yana kuskure." Har ta ce in bar fushin da nake yi da shi.

Washegari ɗaki ya cika, Alhaji Garzali yana zaune a gaba. Nu'uman ya miƙe ya gyara hula. Ya ce sabon tsari ba shi da laifi, yaran ne aka daɗe ana cusa musu tsohon yayi har kansu ya toshe. Ya ce akwai malaman da shekaru suka cim musu, ga yawan fashin aiki. Bai ambaci suna ba, amma duk kai ya juya wajenta. A nan ya sanar cewa an karɓe ajin ƙarshe daga hannunta.

Wallahi na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini riga. Abin da ya fi ci mini rai, jinyar uwarta ce ya kira fashin aiki, shi da ya tambayi mai jiki jiya-jiya. Iyayen da ta koyar da su da kansu suna gyaɗa kai.

Ba ta ƙarasa zangon ba. Ta koma zaurenta, ta shimfiɗa tabarmi, yaran unguwa suna zuwa bayan la'asar. A kasuwa kuwa maganar ta zauna, cewa ita ta kayar da yara. Wannan ne yake hana ta cin abinci, ba aikin ba.

Wata Asabar na je gaishe ta, sai ga motar Nu'uman ta tsaya nesa da ƙofa. Ya shigo da 'yarsa Rukayya, wadda za ta zauna jarrabawar fita bana. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna. Sannan ya sassauta murya. "Mama, so nake ki riƙe mini ita. Kin san fi'ilan nan, ba wanda ya iya su kamarki. Sai dai don Allah kada a ji a makaranta."

Na zuba mata ido, ina addu'ar ta kore shi. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta matsar da littattafai daga kan tabarma. "Zauna nan, Rukayya. Ke ba ruwanki."

Nu'uman ya saki ajiyar zuciya. "Na gode, Mama. Na san ba za ki ƙi ɗanki ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki alli ta juya wajen allo.

"A sauka lafiya, Firinsifal," in ji ta.