Wuyan Kaftanina a Jugu

Idona ya fara rauni, yaran shagona na Gema kuma duk sun koma haya da babur. Na ga yankan wuyan kaftanin da na iya zai bi ni kabari, shi ya sa na yarda ƙanwata ta ɗauke ni bidiyo ta ɗora a intanet. Bayanin ƙasansa ni na faɗa mata: “Ga aikinmu, Allah ya sa albarka.” Ba wanda ya kalla.

Ta ce, “Yaya, wa zai nemi albarka a waya? Faɗi abin da mai koyo zai rubuta in yana nema.”

Na faɗa ina tsaki: shadda mita huɗu, almakashi, alli, zare. Awon kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Ta jera matakan da Hausa da Faransanci, kowanne da mintinsa a bidiyon: ninke yadi, fitar da wuya, haɗa hannu.

Bayan damina na je gaisuwar mutuwa Jugu. Wani mahauci ya zauna gabana, wuyan rigarsa yankana ne sak. Na tambaye shi wane ne telansa.

Ya ce, “Matata ce, Malam, a Seru. A waya ta nemo yankan, har tana koya wa maƙwabta.”

Na roƙi izini na shafa ɗinkin. Ya kwanta lumui. Ban samu abin gyarawa ba.