Ranar da Na Ƙi Jiƙa Kanwa

A gidanmu na Gwallameji duk ciwon ciki sunansa olsa, maganinsa kuwa jar kanwa. Da ita aka yi jinyar surukina, mahaifin maigidana, har Allah ya karɓi abinsa. Da maigidana ya haura hamsin, shi ma ya fara: ƙwannafi, kumburin ciki, loma uku ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ke tashi da malmala biyu in ya dawo daga kasuwar Muda Lawal! Ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa. Sannan ya faɗa mini a kunyace cewa bayan gidansa ya koma baƙi.

Ranar da ya ce, "Jiƙo mini kanwa," na ce ba zan jiƙa ba, asibiti za mu. Yayarsa ta zo ta ce ina yi wa ƙaninta mugun baki. Na ce, "Yaya, faɗi son ranki, sai mun je."

Da muka je, likita ta tambaye shi batun taba, gishiri, bandar kifi, da ciwon mahaifinsa. Ta ce ƙwayar cutar da ke kawo olsa takan share wa ciwon daji hanya. Aka zura kyamara ta maƙogwaro, aka gutsuro tsoka aka auna. Dajin ne, amma bai bazu ba, aka yi aiki.

Yanzu kaɗan-kaɗan yake ci. Yayarsa har yau da ƙyar take amsa gaisuwata. Ta riƙe amsarta, ni na riƙe mijina.