Rasitan Yaya Barira

Yayata Barira ɗinkin hula take yi a unguwarmu ta Kusfa tun kafin a haife ni. Ba ta taɓa karɓar rasit a rayuwarta ba, don wa zai ba ka rasit a kan zare da allura? Mijinta kuwa, Malam Isma'ila, shekara talatin ya yi yana akawun kotu, kuma ko goro ya saya da son samu ne a rubuta masa. Mukan tsokane shi cewa ranar ƙiyama ma da fayil zai tashi.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, dangi suka haɗa hannu aka tura shi asibiti a Alƙahira, Yaya ta bi shi jinya. Suka sauka, akwatinsa ya fito, nata bai fito ba. Ga watan Janairu, ga sanyin ƙasar, ita kuma daga ita sai atamfar jikinta da mayafi. Malam yana kan keken marasa lafiya, amma ya ƙi barin filin jirgin sai da aka cike musu takardar rahoton kaya, aka ba su lamba. Ya haɗa ta da ɗan tambarin akwatin da takardar shiga jirgi, ya zuba a ambulan.

Kwana tara akwatin ya yi kafin a kawo shi. A tsakanin nan ta sayi rigar sanyi, da kayan sawa kala biyu, da sabulu, da man shafawa. Duk lokacin da ta dawo ɗakin asibitin sai ya miƙo hannu.

"Hajiya, ina rasit?"

"Malam, ka ji da jikinka."

"Haƙƙinki ne. Kamfanin jirgi ne ya sa ki sayen nan, shi zai biya. Idan mun koma gida zan rubuta musu, ba za mu bar musu ba."

Bai koma gidan ba. Mako biyu bayan zuwan akwatin ya rasu, a can aka rufe shi. Yaya ta dawo Kusfa da akwati biyu, ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ta taka ko zaure ba, jakar takardunsa kuwa ko kallonta ba ta iya yi. Ni ma da nake malamar makaranta ban tambaya ba, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Ranar da ta fita takaba ta ce in raka ta Kano, ofishin kamfanin. Na ce, "Yaya, kuɗin motar ma zai kusa cinye abin da za su ba ki."

Ta ce, "Ba don kuɗin ba ne, Tayyiba. Magana ta ƙarshe ce da ya bar mini, ita kaɗai zan iya cika masa."

A ofishin muka tarar da wata ma'aikaciya mai suna Kezia. Da ta ji bakinmu ta ce ita 'yar Wusasa ce, nan kusa da garinmu, ta gaishe mu kamar 'yan gida. Ta duba rahoton, ta duba kwamfuta, sai na ga fuskarta ta canja.

"Mama, rahoton nan daidai yake, amma don neman akwati ne kawai. Neman biya sai an rubuto wasiƙa cikin kwana ashirin da ɗaya daga ranar da aka miƙa muku kayan."

Yaya ta ce, "'Yata, takaba nake yi."

"Na gane, Mama. Allah ya jiƙansa. Kawo rasitan in tura sama da bayani, ko za su duba. Ban yi miki alkawari ba."

Yaya ta buɗe ambulan. Rasitai shida ne, irin siraran nan na inji, kuma watannin zafi da suka yi a jaka sun cinye rubutun tas. Babu sunan shago, babu kwanan wata, babu farashi. Kezia ta ɗaga ɗaya a hasken taga, ta juya shi. A bayansa akwai rubutun biro, hannun Malam, yana ɗan rawa: "Rigar sanyin Hajiya, shuɗiya. Ta yi mata kyau."

Kezia ta ce a hankali, kamfani ba zai karɓi wannan ba, amma idan Mama ta yarda ta bar su, za ta gwada.

Yaya ba ta iya boko ba. Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta karɓi rasitan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar ambulan.

"A'a, 'yata. Ba zan bar muku waɗannan ba."

Muka dawo garinmu ta Ƙofar Jatau, na raka Yaya har gida. Ta koma ɗinkin hularta, amma hular da a da take gamawa a mako biyu yanzu sai ta kai wata. Ambulan ɗin yana cikin gwangwanin zarenta. Wani lokaci idan na je sai ta ciro rasit ɗaya ta miƙo mini, ta ce in sake karanta mata na rigar sanyin.