Shafi na Bakwai

Duk ranar da Tafinta ta tashi daga aiki, sai ta ƙona takardun gwajin fassararta a cikin wani tsohon gwangwanin madara, ta motsa tokar da bayan biro. Mu ma'aikatan ofishin lauya muna yi mata dariya.

"Yaya Tafinta, yau ma turare ake yi?" in ji Magatakarda.

"Kai dai buga takardunka, ɗan ƙanena," takan ce.

Shekara goma sha tara tana fassara takardun kotu da na asibiti. Ba ta taɓa komawa gida da fayil ba. Ko mijinta bai san sunan mutum ɗaya da ta yi wa aiki ba.

A damina ta ƙarshe aka kawo mata bayanin wata mata da ta gudu daga mijinta: rahoton likita kan karayar haƙarƙari biyu, da takardar rantsuwa mai ɗauke da adireshin inda ta ɓuya. Shafi goma sha biyu. Tafinta ta kai shafi na bakwai zazzaɓi ya kwantar da ita.

Ranar zaman kotu ta matso. Magatakarda ya ce zai taimaka. Ya tafi shagon kwamfuta na bakin titi, ya zuba sauran shafukan a manhajar fassara ta kyauta, ya tashi bai goge komai ba. Fayil ɗin ya zauna a kwamfutar. Mai shagon kuwa abokin ƙanen mijin matar ne.

Da Tafinta ta dawo ta ji, ba ta yi faɗa ba.

"Ka cire sunaye da adireshi kafin ka saka?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta kira lauya, ta kira matar, wayarta na kashe. Sai ta ɗauki mayafinta ta hau babur.

Ta riga mijin matar da mutanensa isa maɓoyar da minti kaɗan. Ta fitar da matar da 'yarta ta ƙofar baya, ita kuma ta tsaya a ta gaba. Su uku ne suka zo. Mijin ya shaƙe ta, ya buga kanta da bango.

"Ina take?"

"Ba na faɗin abin da na karanta."

Ya ɗauki sandar ƙarfe. Maƙwabta sun ce sun ji karayar hannun Tafinta tun daga tsakar gidansu. Hannun dama ne. Ya sake dukan wurin sau biyu, ya tattake yatsun, kafin mutane su taru su danne shi. Jini ya jiƙa mayafin har ƙasa.

Matar tana nan da rai, a wani gari da ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Magatakarda yanzu shi ke ƙona takardu a gwangwanin, ba mai dariya.

Yatsun Tafinta ba su ƙara riƙe biro ba. Wani ne ya fassara takardar daga farko, lauya na zaune kusa da shi. Tata tana cikin aljihun tebur a kulle, ta tsaya a tsakiyar jimla, shafi na bakwai.